Sanda, Igiya da Inuwa: Koya wa Yara Gabas, Yamma, Kudu da Arewa a Filin Makaranta

Ina gaida iyayenmu maza da mata na Burkusuma, da na Sabon Birni, da na Isa, da duk wanda muryata ta riska a ƙasar Gobir, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka. Malaman firamare da na Islamiyya, ku matso kusa da rediyo, domin yau zancen naku ne.

Batunmu shi ne yadda za a koya wa yaro gabas da yamma da kudu da arewa ta hanyar wasa, a cikin filin makaranta. Ba sai an sayi komai ba. Sanda ɗaya, igiya ɗaya, duwatsu, sai ɗan toka daga murhu. Kuma ba sai an fita da yara bayan gari ba. Duk mun san halin tsaron da yankinmu yake ciki, saboda haka duk abin da zan faɗa a cikin harabar makaranta ake yinsa. Inda makaranta take rufe, tsakar gida ma ta wadatar.

Shirin kashi uku ne. Da farko za mu nemo gabas ta gaskiya. Sai wasan juyawa. Daga nan mu zo kan taswira, wato zanen wuri kamar yadda mai kallo daga sama zai gan shi.

To, bismillah. Kashi na farko: ina gabas take?

Na san wani yana dariya a gida. Yana cewa, wa bai san gabas ba? Inda rana ke fitowa, inda muke fuskanta mu yi salla. Baba, ka yi gaskiya, amma da ɗan gyara. Ka saurare ni.

Rana ba a wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. Manomi ya san haka. A watan Yuni, farkon damina, tana ɓullowa ne ta gefen arewa. A watan Disamba, cikin hunturu, tana ɓullowa ta gefen kudu. Masu awo suna raba da'ira gida 360, kowane gida sunansa digiri. Daga gabas zuwa arewa digiri 90 ne. To a yankinmu mafitar rana tana gocewa har digiri 24 zuwa arewa a Yuni, ta goce digiri 24 zuwa kudu a Disamba. Kun ga ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Sau biyu kacal a shekara take fitowa daidai gabas: wajen 21 ga Maris, da wajen 23 ga Satumba. In sake faɗa: Maris da Satumba. Sauran watanni, ta ɗan karkata.

Sai alƙibla. Makka tana gabas da mu, amma ta ɗan yi arewa. Daga wajajen Sabon Birni, alƙibla tana kimanin digiri 19 arewa da gabas ta taswira. Ga yadda za ka gane shi da ƙafa. Ka yi taki uku zuwa gabas sak, sannan ka yi taki ɗaya zuwa hagunka, wato arewa. Ka juyo ka dubi inda ka taso. Layin da ya haɗa can da inda kake tsaye, shi ne kusan layin alƙibla. Taki uku gabas, taki ɗaya arewa.

Malam, wannan abu ka kula da shi sosai. Idan yaro ya ce maka gabas ita ce inda masallaci ya fuskanta, kada ka ce masa ya yi kuskure. Abin da ya gani a gida ya faɗa, kuma kusa yake da daidai. Ka ce masa, madalla, wannan alƙibla ce, ga kuma gabas ta taswira a ɗan damanta. Ka zana masa layin biyu a ƙasa ya gani da idonsa.

To tunda mafitar rana tana yawo, da me za mu kafa layinmu? Da inuwa. Ga yadda ake yi, kuma zan tafi a hankali don mai rubutawa ya rubuta.

Ka nemi wuri a tsakiyar fili, inda inuwar bishiya ko ta aji ba ta kaiwa daga hantsi har bayan azahar. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe. In kana shakka, ka zuba ruwa kaɗan ka gani. In ya gangara gefe guda, ka baje ƙasar ko ka canja wuri. Ka samo sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta yadda abin da ya rage a waje zai kai mita 1. Dole ta tsaya cak. Yadda za ka tabbatar, ka ɗaura ɗan dutse a zare, ka riƙe zaren kusa da sandar, ka duba ta gaba, ka kuma duba ta gefe. In sanda da zare sun yi daidai ta fuska biyu, ta tsaya.

Bari mu ɗauki misalin rana ɗaya, farkon watan Disamba, a wata makaranta a Burkusuma. Da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, inuwar sandar za ta kai kusan tsawon sandar kanta, wato mita 1. Ka sa yaro ya soka ɗan tsinke daidai kan bakin inuwar. Wannan ita ce alamar safe. Sai ka ɗaura igiya sako-sako a gindin sandar, ka ja ta zuwa alamar, ka riƙe ƙusa ko kara a daidai nan, ka zaga ka zana da'ira. Yanzu ga sanda a tsakiya, ga da'ira, ga alamar safe a kan da'irar.

Sai a koma aji. Amma a riƙa aiko yara biyu biyu suna leƙawa. Za su ga inuwar tana gajarcewa, ta baro da'irar ta shigo ciki. Wajen ƙarfe sha biyu da minti ashirin da 'yan kai za ta kai iyakar gajartarta, kimanin santimita 70. Wannan ita ce tsakiyar rana ta gaskiya, wadda daga ita sai zawali, lokacin da ladanai suka daɗe suna ganewa da inuwa tun kafin agogo ya zo. Ku lura, ba ƙarfe sha biyu daidai ba ne. A yankinmu rana tana kaiwa tsaka ne tsakanin sha biyu da minti 20 zuwa ɗaya saura minti 10, gwargwadon wata. Wanda ya dogara da sha biyun agogo zai sami karkataccen layi.

Daga nan inuwar za ta soma tsawo ta ɗaya gefen. Wajen ƙarfe biyu da kwata, bakinta zai sake taɓa da'irar. Nan take a soka tsinke na biyu. Wannan ita ce alamar bayan azahar. Na san a lokacin yawanci an tashi daga makaranta. Sai malam ya tsaya da yara uku ko huɗu na kusa, da izinin iyayensu, ko a bar wa malamin Islamiyya na yamma ya ƙarasa. Sau ɗaya ake yin wannan aiki, ya yi shekaru yana amfani.

Yanzu ka miƙa igiya daga tsinken farko zuwa na biyu. A misalinmu tazararsu za ta kai wajen santimita 125. Wannan igiya ta kwanta ne daga yamma zuwa gabas. Tsinken safe shi ne yamma, domin da safe rana tana gabas, inuwa ta faɗi yamma. Tsinken bayan azahar shi ne gabas. In maimaita, don nan ake yawan juya abin: tsinken safe yamma, tsinken bayan azahar gabas.

Saura kudu da arewa. Ka ninka igiyar nan biyu, ka sami tsakiyarta, ka sa alama a ƙasa. Layin da ya taso daga gindin sanda ya bi ta wannan alama, shi ne layin kudu da arewa. Wane ɓangare ne arewa? Ka fuskanci gabas. Hagunka arewa, damanka kudu, bayanka yamma. Haka kakanninmu suke faɗa, kuma haka yake.

Me yake ɓata wannan aiki? Karkatacciyar sanda, ita ce ta farko. Sai ƙasa mai gangare. Sai ƙurar hunturu, wadda takan sa bakin inuwa ya dushe har ka rasa inda ya tsaya. In ka tashi ka ga gari ya yi fari fat, ka bari sai ranar da sama ta washe. Yadda za ka san aikinka ya yi kyau kuwa, ka sake yi washegari da da'ira mafi faɗi ko mafi ƙanƙanta. In sabon layin ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na jiya, an dace. In sun nufi haɗuwa da juna, ka duba sandarka. Kuma a ja wa yara kunne: inuwa ake kallo, ba a kallon ƙwayar rana, tana lahanta ido.

Akwai wani abu da nake so malamai su ji da kyau. Wasu littattafai suna cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. A Turai haka ne. A nan ba haka ba ne duk shekara. Wajen 26 ga Afrilu rana tana tsayawa a kan tsakar kanmu, sanda ta rasa inuwa da tsakar rana. Daga nan har wajen 17 ga Agusta, rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana kuma ta koma kudu. A ƙarshen Yuni sandar mita 1 tana ba da 'yar inuwa ta santimita 17 zuwa kudu. A ƙarshen Disamba kuwa tana ba da santimita 75 zuwa arewa. Shi ya sa na fi son a yi wannan awo tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da inuwa take da tsawo kuma ba ta da ruɗani.

Wani zai ce, Malam, ai wayata tana da kamfas, wato abin nan mai nuna arewa. Ka gwada da ita, ba laifi. Amma ka nisanci ƙofar ƙarfe da babur da rufin kwano, domin ƙarfe yana jan ta ta yi ƙarya. Kuma yaron da ya ga inuwa ta yi tafiya da idonsa ya fi riƙe abin a kan wanda aka nuna wa fuskar waya.

Da zarar an sami layukan, a ja su su yi tsawo. A miƙa igiya taki goma kowane ɓangare, a bi ta da toka, a jera ƙananan duwatsu don kada iska ta share. A ƙarshen kowane layi a ajiye babban dutse, a rubuta masa harafi: G gabas, Y yamma, K kudu, A arewa.

Masu sauraro, wannan shi ne kashi na farko. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan koya wa yara kusurwoyi huɗu a filin makaranta. Mun kafa layi da sanda da inuwa. Yanzu sai kashi na biyu, wasan juyawa.

A tara yara a tsakiyar layukan, kowa ya ware hannu don kada a yi karo. Malam ya ce, arewa! Kowa ya yi tsalle ya fuskanci arewa. Yamma! A juya. Kudu! A juya. A fara a hankali, sannan a ƙara sauri. Za a sha dariya. Minti goma ya isa.

Sai dai in aka tsaya a nan, malam zai yaudari kansa. Yara suna da wayo. A aji mai yara 60, wataƙila biyar ne suka gane, sauran suna satar kallonsu ne su juya. Ka tsaya daga gefe ka lura. Za ka ga wasu suna juyawa da ɗan jinkiri, idonsu yana kan na kusa da su. Waɗannan ba su gane ba tukuna. Maganin abin, ka ce kowa ya rufe ido kafin ka kira, sai ya juya sannan ya buɗe. Ko ka raba su biyar biyar, kowane rukuni ya yi nasa, sauran suna alƙalanci.

Kuma ina roƙon malamai, kada a ce wanda ya kuskure ya fita daga wasa. Wanda ya kuskure ai shi ya fi bukatar ya ci gaba da yi. In an fitar da shi, gwanaye ne za su yi ta maimaita abin da suka riga suka iya. Gara a ce wanda ya kuskure shi zai kira na gaba.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Yaro yakan haddace cewa arewa ita ce wajen ofishin hedimasta, kudu kuma wajen bishiyar dogonyaro. A tsakiyar fili ba ya kuskure ko sau ɗaya. Ka kai shi bayan ofishin, ka ce ya nuna arewa. Sai ka ga ya juyo ya nuna ofishin, alhali yanzu ofishin yana kudu da shi. Wannan yaro gini ya haddace. Saboda haka a riƙa canja wurin wasa. Yau tsakiyar fili, gobe bakin ƙofa, jibi bayan aji, gata cikin aji an rufe taga. Duk inda aka je, tambayar farko ita ce, ina gabas? In ya samo gabas, hagunsa ya ba shi arewa.

In sun ƙware, sai a daina kiran sunan kusurwa, a kira abin da suka sani. Malam ya ce, ta ina hadari ya fi taso mana da damina? Su juya gabas. Ta ina iskar hunturu take busowa? Su tsaya tsakanin arewa da gabas. Ka ga ba tare da wani dogon bayani ba, arewa maso gabas ta shigo. Ina rana za ta faɗi? Yamma. Ina alƙibla? Gabas, a ɗan karkata hagu.

Sannan tambayar da nake ganin ta fi kowace amfani. A tsayar da yara biyu, ɗaya a kan dutsen G, ɗaya a tsakiya. A tambayi na tsakiya, ɗan'uwanka yana ina da kai? Ya ce gabas. A tambayi na kan dutse, shi kuma fa, yana ina da kai? Da yawa za su ce gabas, don sun ji an faɗa. Amsar ita ce yamma. A yi ta yin wannan har ya zauna: in kana gabas da ni, ina yamma da kai. Mu nan a Nijeriya 'yan Arewa ake ce mana, amma ga mutumin Agadas, mu mutanen kudu ne.

To, jama'a, mu shiga kashi na uku, wanda shi ne na taswira.

Kuskuren da ya fi yawa a nan daga allo yake farawa. Malam ya zana taswira a jikin allo, ya sa arewa a sama. Yaro ya ɗauka arewa tana wajen rufi, kudu tana ƙarƙashin ƙasa. Ka tambaye shi arewa, ya ɗaga yatsa sama. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ke nan. Don haka taswirar farko a ƙasa ake zana ta, a kwance, arewarta tana kallon arewa ta gaskiya.

Ga yadda za a yi. A fara auna filin makaranta. Kada a auna da takin yara, domin takin ɗan aji biyu ba ɗaya yake da na ɗan aji shida ba, kuma za a yi ta gardama. A sami igiya mai mita 5, a ƙulla ta a kowace mita. Yara biyu su riƙa ja, na uku yana ƙirga. A ce an auna an sami igiya 12 daga yamma zuwa gabas, wato mita 60, da igiya 8 daga kudu zuwa arewa, wato mita 40.

Sai a zo kusa da layukan toka a share wuri. A ce wa yara, filin nan ba zai shiga nan ba sai mun rage shi. Kowace igiya ɗaya, ɗani ɗaya na hannun malam. Wannan ragewa ita ake kira ma'aunin taswira. Ma'auni, wato kaza a fili daidai yake da kaza a zane. Sai a zana gida mai ɗani 12 a tsawo, ɗani 8 a faɗi. Yanzu a sa abubuwa. Gwangwanin madara ya zama rijiya ko famfo. Guntun bulo ya zama aji. Reshe mai ganye ya zama bishiya. Tsinke ya zama sandar tuta. Amma kada a ajiye komai da ka. In rijiya tana igiya 3 daga katangar gabas, igiya 2 daga katangar kudu, to gwangwani ma ɗani 3 daga layin gabas, ɗani 2 daga layin kudu.

Sai a kira yaro a ce, taɓa rijiya a taswira, sannan ka ɗaga kai ka nuna ta gaske. In taswirar ta kwanta daidai, zai ga gwangwanin yana gefen da rijiyar take a cikin filin.

Bayan haka kowa ya kwafa a littafinsa, littafin yana ajiye a ƙasa, saman shafi yana kallon dutsen A. Igiya ɗaya, santimita ɗaya. Zanen zai zama santimita 12 da santimita 8, ya shiga shafi lafiya. A ja kibiya a gefe a rubuta arewa. A gaya musu cewa a taswirar da aka buga, harafin N suke gani a kan kibiyar, kuma arewa yake nufi. Sai a wannan lokaci malam zai ɗauki littafi ɗaya daga ƙasa, a gaban idonsu, ya ɗaga shi a hankali ya jingina a allo. Ya ce, kun gani, arewa ba ta hau sama ba, takardar ce muka tayar tsaye.

Yanzu wasan da yara suka fi so, wasan neman ajiya. Malam ya ɓoye wani abu, ko dabino ko guntun alli, ya rubuta hanya a takarda. Ga misali. A fara daga sandar tuta. Mita 10 arewa. Mita 6 gabas. Mita 10 kudu. A tona a nan.

Rukuni ya ɗauki igiya ya bi. Amma kafin su motsa, a ce su fara bin hanyar da yatsa a taswirarsu, su faɗi inda za su ƙare. Mai kaifin kai zai ce, Malam, ai goman arewa da goman kudu sun cinye juna, ajiyar tana mita 6 gabas da tuta. Wannan yaro ya fara karanta taswira. In sun samo, kada a tsaya. A ce, to ku rubuta hanyar komawa ta inda kuka biyo. Amsa: mita 10 arewa, mita 6 yamma, mita 10 kudu. Da yawa za su rubuta gabas a tsakiya. Waɗannan a mayar da su wasan yara biyun nan na kan dutse.

A lura da wani abu yayin tafiya. Yaro yakan yi mita goman farko daidai, da aka ce gabas sai ya juya dama kawai, don ya saba. A wannan misali dama ta yi daidai, tunda arewa yake fuskanta. Amma in kudu yake fuskanta, gabas tana hagunsa. Don haka malam ya riƙa sauya hanyoyin, wata ta fara da kudu, wata da yamma, don a gane wanda ya san gabas da wanda ya san dama kawai. Daga baya yara su riƙa ɓoye wa juna suna rubuta hanyar da kansu. Rubuta hanya ya fi bin ta wuya, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Ga 'yan aji biyar da shida, sai a faɗaɗa taswirar ta zama ta yankinmu. A tsakiyar layukan toka a ajiye dutse a ce nan ne mu. A gabas a sa Maraɗi da Tsibirin Gobir. A kudu a sa Isa, a bayanta Shinkafi. A yamma a sa Goronyo, can gaba kuma Sakkwato, ta ɗan karkata kudu. A ja igiya ta arewa ta zagayo gabas, a ce ga iyakar Nijar. A zuba ruwa siriri a nuna yadda gulbin Rima ya bi ta Sabon Birni ya nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato. Sai a yi tambaya. Isa tana ina da Sabon Birni? Kudu. Tana ina da Shinkafi? Arewa. Don me ake kiran yankinmu Sakkwato ta Gabas? Su duba duwatsun su ba da amsa.

A nan ma akwai tarko. Yaro zai nuna inda mota take fita daga gari ya ce can ne Sakkwato. Hanya kuwa tana lanƙwasa, tana kauce wa gulbi da fadama, tana iya fita ta kudu alhali garin da za a je yana yamma. A nuna masa da igiya biyu a ƙasa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya mai lanƙwasa, duk sun ƙare a dutse ɗaya.

Iyaye mata, ku ma kuna da rabo a wannan aiki, kuma ba sai kun iya boko ba. In za ki aiki yaro, maimakon ki ce ɗauko min abin can, ki ce ɗauko min ƙwaryar da ke kudu da randa. Baba, in kuna zaune da yamma, ka tambaye shi ƙofar gidanku ina take kallo, gonarku tana ina da gari, masallaci yana ina da gidan. Dattawanmu da haka suke kwatance tun asali, kuma da haka ake faɗin iyakar gona: gabas wane, yamma wane, kudu hanya, arewa rafi.

Lokaci ya yi mana halinsa. In tuna muku abin da za a tanada: sanda mai mita 1, igiya mai mita 5, tsinke biyu, manyan duwatsu huɗu, da toka. Tsinken safe yamma, tsinken bayan azahar gabas. In ka fuskanci gabas, hagunka arewa. Taswirar farko a ƙasa, ba a allo ba.

Malamai na Burkusuma da Sabon Birni da Isa, ina roƙonku, a ranar farko da sama ta washe tsakanin Nuwamba da Janairu, ku kafa sandar nan da ƙarfe goma da rabi na safe. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya tsare mana yaranmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.